Sunan Ɗiyata a Kan Akwatin Asusu

Talata, bayan la'asar

Yau an taru a rumfar Mariama mai kifi kan maganar asusun unguwa. Ba don kuɗi aka kira ni ba, kowa ya san abin da ke aljihun Ɗan'azumi. An kira ni ne kamar kullum, in zauna a gefe, in an manta wa ya haifi wa, ko wa ya haƙa wace rijiya, a tambaye ni.

Nafisa, wadda masu koyar da asusu suka turo, ita ta yi bayani. Ta ce wannan ba adashin da muka saba ba ne, wanda ake zubawa mutum guda ya kwashe. Akwati ne na ƙarfe mai kwaɗo uku. Makullai a hannun mutum uku, akwatin kuma ya kwana gidan na huɗu. Kowane mako a zuba a gaban kowa, mai bukata ya ranta a gaban kowa, shekara ta kewayo a buɗe a raba. Amma ta ce ko dala ba za ta shiga ba sai an raɗa masa suna, don sunan za a kai meri, ofishin magajin gari, a rubuta a takarda, shi za a sassaƙa a hatimi, shi za a zana a jikin akwatin, da shi kuma za a riƙa buɗe kowane zama. Ta ce a biɗo gajere, wanda Hausawa da Dandawa da Fulani za su faɗa ba tare da harshe ya harɗe ba. Kada ya yi kama da na jam'iyya. Kada wata ƙungiya ta riga ta ɗauka.

Ba ta rufe baki ba Safiyanu ya miƙe. Safiyanu surukina, mijin ɗiyata ta fari. Ya ce a sa sunan marigayiya.

Kuma ya faɗe shi. Da ƙarfi, ina zaune.

Shekara arba'in da wani abu ta yi a duniya ban taɓa kiran sunan nan ba. Ɗiyar fari ce, kuma sunan uwata ta ci. Wance nake cewa, uwarta ma haka. A nan ma Wance zan rubuta.

Mata suka yi guɗa. Na ɗauki sandata na taho.

Laraba, da hantsi

Balki matata, uwar Wance, ta kawo mini koko ta tsaya a kaina. Ta ce, “Malam, an ce jiya ka tashi ana magana.” Na ce ƙafata ce ta yi tsami. Ta ce, “Ƙafar taka ta san lokacin da take tsami.”

Na sha kokona.

Abin da nake juyawa shi ne wannan: wa ya shirya guɗar? Guɗa ba ta tashi baki ɗaya haka sai in an san da ita tun daga gida. Ko Nafisa ba ta yi mamaki ba. Na lura da ita, biro na hannunta tun kafin ya gama magana.

Wance ta riƙe adashin mata masu kifi tun tana goyon ɗanta na biyu. Ba takarda, ba akwati, a bakin zane take ɗaurewa. Daga Tunuga ake aiko mata, daga ƙetaren gulbi ma. Ba wadda ta taɓa cewa an rage mata. Ranar da abin ya faru, daminar bara, sai da aka iske na kowa a ƙulle daban-daban a cikin tukunya, aka mayar wa masu shi. Wannan duk unguwa ta sani. Safiyanu ma ya sani. Ya san abin da sunan zai jawo.

Laraba, bayan magariba

Manyan motocin Safiyanu na tsaye tun da aka rufe gadar kan iyaka. Ciyawa ta tsiro a ƙarƙashin guda.

Jumma'a, bayan an sauko

Ya zo. Da goro da sukari a leda. Ya tsuguna nesa, ya cire hula ya riƙe, duk ladabin da ban gani ba tun ranar addu'ar arba'in.

Ya ce, “Baba, na yi kuskure ban fara zuwa nan ba.”

Na ce, “Ai ka zo yanzu, bayan an yi guɗa.”

Ya ce shi ba don kansa ba ne. Ya ce tun da ta tafi matan nan ba su sake haɗa kuɗi wuri guda ba, kowace tana tura nata cikin katifa ko ta ba masu yawo da katin ajiya daga ƙetare, su kuma in hanya ta rufe shi ke nan. Ya ce in aka ce musu Haɗin Kai ko Ci Gaba, iska ce. In aka ce sunanta, za su kwance bakin zane.

Na ce, “In sun kwance, wa zai fara ranta?”

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Ya ce, “Baba, abin da mata ke zubawa a mako ko taya guda ba zai saya ba.”

Na ce, “A mako. A shekara fa?”

Ya ce shi ya riga ya biya kuɗin akwati wurin Alassan maƙeri, kuma shi zai biya hatimi, sadaka ce ga ita. Na ce sadakar da ake zana wa suna da fenti ban san irinta ba.

Ya bar goron. Ban taɓa ba. Balki ta taɓa.

Asabar, da safe

Bari in rubuta labarin Ado mai goro, don yaran yanzu ba su san shi ba, suna dai faɗin sunansa.

Ado mutumin kirki ne. Ni na yi ɗan dako a ƙarƙashinsa ina saurayi. In ka manta canjinka a rumfarsa, sai ya aiko har gida. Da ya rasu, 'yan kasuwar goro suka kafa asusu suka sa masa Asusun Ado, don girmamawa. An yi shekaru lafiya. Sai mai riƙe kuɗin ya haye Kamba da dare guda, ba a ƙara ganinsa ba. Wa ya tuna sunan wannan mutum yau? Ni kaɗai. Amma je ka tasha ka saurara: duk wanda aka cuta sai ya ce, “An yi mini Ado.” Ado na kabari lokacin da aka yi satar. Jikokinsa sun tashi sun koma wajen Karakara don kunya, ba su ci ko ƙwaya ba.

Asusu na mutuwa. Na binne da yawa a garin nan: Alheri, Taimakon Juna, na 'yan jirgi, na masu shinkafa. Waɗanda aka sa wa sunan iska, iska aka zaga. Wanda aka sa wa sunan mutum, mutum ake zagi har yau.

Ba zan zauna in ji wata a kasuwa ta ce, “An yi mini Wance” ba.

Lahadi, da azahar

Na bi ta maƙerar Alassan kamar hanya ce ta kawo ni. Akwatin na nan a lulluɓe da buhu. Na ɗaga da sanda. An shafa masa kore, kuma akwai rubutun boko da alli a murfin.

Ni allo kawai na yi, wannan rubutun nasu ƙafar kaza ce a idona. Na ce, “Alassan, me aka rubuta nan?”

Ya ce, “Awo ne, Baba. Tsawo da faɗi.”

Na ce, “Awo ne ya yi wannan tsawon?”

Ya ce, “Baba Ɗan'azumi, wallahi da ka shiga lakkol ka yi boko da ka hana gwamnati barci.” Ya sa hannun riga ya goge.

In awo ne, don me ya goge?

Litinin, da yamma

Gobe za a koma. Balki ta ce za ta je. Na ce da me za ki zuba? Ta ce da kuɗin ƙuliƙulinta. Na ce in an sa sunan, da wane baki za ki faɗe shi? Ta ce, “Ni ba sai na faɗa ba. In ji kawai.”

Ta shiga ɗaki. Ban bi ta ba.

Talata, bayan magariba

An yi ta, kuma na yi abin da na je yi.

Nafisa ta jera ƙore a tabarma, kowane suna da ƙwaryarsa, ta raba tsakuwa ɗai-ɗai. Ta ce za a lulluɓe da zane, kowa ya sa hannu ya jefa inda ransa ya so, ba mai ganin na wani. Kafin nan kowa ya kawo suna.

Wani mai kabu-kabu ya ce Haɗin Kai. Nafisa ta ce akwai Haɗin Kai a littafin meri har sun yi wa juna yawa, in aka ƙara sai an liƙa masa lamba, kuma ran da ɗaya ta ci bashin banki duk masu sunan za a riƙa yi wa kallo guda. Wata daga bakin gulbi ta kawo suna da Dandanci, mai nufin a yarda da juna. Masu shaguna suka ce to ashe asusun Dandawa ne, mu baƙi ne. Matar ta ce, “Ku da kuka zo jiya da buhun gishiri, me kuke in ba baƙi ba?” Aka tashi tsaye. Wata mai nono ta ce ita duk wanda aka sa da Hausa ko Dandanci ta san a bakin ƙofa za ta zauna. Wani ya ce Arziki, tsofaffin mata suka ce a'a, ba a rubuta arziki a jikin akwati, ido da masu haraji duk za su taso. Wani ya ce Nasara, aka ce an taɓa ganinsa a rigar masu neman zaɓe.

Duk wanda aka ɗaga sai wani ya ji an bar shi waje. Ina kallon Safiyanu.  Ya bari suka gaji, sannan ya ce a hankali, “To ga wanda ba wanda ya ƙi.”

Gaskiya ne, ba wanda ya ƙi. Mai nono ta ce ta yarda. Dandawa sun yarda. Masu shaguna sun yarda. Nafisa ta miƙa hannu za ta ajiye ƙwarya.

Na buga sanda. Na ce ni na yanka ragon sunan nan, ni na raɗa wa liman a kunne, ban kuma sayar wa kowa ba. Na ce miji aro aka ba shi. Na ce ban yarda ba, yau ban yarda ba, gobe ban yarda ba.

Mariama ta ce, “Baba, don me?”

Na so in ba su labarin Ado. Na buɗe baki. Amma in na ba da shi sai na ce ina tsoron a sace kuɗin, a gaban waɗanda za su riƙe makullai, a gaban uban jikokina. Kuma sai na yi ta zagaye sunanta a gaban jama'a kamar mai jin kunyarta. Na ce, “Don na ce.”

Nafisa ta ce ka'ida ita ce ba a sa sunan mutum sai da yardar danginsa, ta janye ƙwaryar. Aka jefa tsakuwa a sauran. Zumunci, wanda wani ya kawo daga ƙarshe, shi ya ci, da ƙyar. Tsakuwa da yawa a ƙasa aka tsince su, ba a cikin kowace ƙwarya ba.

Ba a yi guɗa ba.

Laraba, da asuba

Na yi barci mai kyau. Na rubuta don a sani, na yi barci mai kyau.

Asabar, da hantsi

Mai shayi ya ba ni shayi bai tambaye ni labarin kowa ba. Da can sai ya riƙe ni da tambaya har shayin ya huce.

Alassan ya zana Zumunci da farin fenti. An ce ya yi kyau.

Talata, bayan la'asar

Zubin farko. Ban je ba, Balki ta je ta dawo da wuri.

Ta ce tabarmi biyu aka shimfiɗa, guda ba a zauna a kanta ba. Masu kifi ba su zo ba in ban da Mariama. Masu nono ba su zo ba. Nafisa ta ce shugaba ta kira sunan asusu jama'a su amsa, haka ake buɗe zama. Mariama ta ce, “Zumunci!” sai aka yi ta kallon juna, wani yaro daga waje ya ce, “Ba ya nan, ya tafi Kamba.” Abin da aka zuba, in ji Balki, da aka jijjiga akwatin kamar tsakuwa a gwangwani.

Nafisa ta ce in ba a kai adadin mutanen da ake bukata ba, ba za ta kai takarda meri ba, za ta ɗauki koyarwarta zuwa wata unguwa.

Na ce to su tafi. Suna ne zai riƙe kuɗi ko kwaɗo?

Balki ta ce, “Kwaɗo na riƙe wanda aka zuba. Wa zai sa a zuba?”

Alhamis, da azahar

Wani abu na yawo. Na shiga layin masu kifi, magana ta mutu. Na wuce, ta tashi.

Jumma'a, da yamma

Balki ce ta ji, a wurin niƙa. Ta daɗe tana juya tuwo kafin ta faɗa mini, bayanta gare ni.

Ana cewa: in uban da ya haife ta ya hana a sa sunanta a akwatin kuɗi, to akwai abin da ya sani. Ana cewa wataƙila ƙulle-ƙullen da aka iske a tukunya ba su cika ba, aka cika su a ɓoye kafin a fitar. Ana cewa me ya kai ta ƙetare ranar, da hadari a sama, in ba wani rami take son cikewa ba. Wata ta ce ita dama ta ga kamar nata ya yi sauƙi a hannu, ta yi shiru ne don mutuwa.

Ta yi shiru ne don mutuwa! Shekara guda tana shiru, sai yanzu hannunta ya tuna nauyi.

Ni na buɗe tukunyar nan. Ni da liman da Mariama. Ba a ƙara ba, ba a rage ba.

Ban ci tuwon ba.

Asabar, bayan sallar asuba

Wa ya fara? Wa zai ci riba in maganar nan ta matse ni har na ba da sunan? Mutum guda na sani.

Amma zai ɓata uwar 'ya'yansa don ya ci riba? Na san maza da suka yi abin da ya fi haka. Na san kuma bakin kasuwa ba ya bukatar a tura shi.

Ko Alassan. Ko ita Nafisa, da ake biyanta bisa yawan asusun da ta kafa, haka na ji.

Ko ni. Na ce “don na ce,” na bar musu fili suka shuka abin da suka ga dama.

Abin da na guje wa shekaru masu zuwa, ga shi ya zo cikin mako biyu, ba a ma saci komai ba.

Lahadi, da hantsi

Na je bakin gulbi. Rabona da wurin tun ranar.

Ya cika da jama'a, tun da gada ta rufe komai ta jirgi yake hayewa, albasa, buhuna, babura, mutane a kan kaya. Ban kalli ruwan ba. Na iske Mariama tana feɗe kifi. Ta gan ni ta miƙe da wuƙa a hannu, ta ce, “Baba, kai ne nan?” ta juya mini kwando na zauna.

Na ce, “Kin ji abin da ake faɗa?”

Ta ce, “Na mari ɗaya jiya. Saura da yawa, hannuna guda biyu ne.”

Na ba ta labarin Ado, tun daga farko. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, “Da ka faɗi wannan ranar Talata da ba mu kai nan ba. Kai da ke ba mu labarin kakan kowa ko ba a tambaye ka ba, ranar da ake bukata ka haɗiye.”

Na ce Safiyanu ne ya shirya komai.

Ta ce, “Safiyanu? Ni na je na same shi. Mu muka ce ya faɗa, don in mace ta faɗa maza za su ce asusun mata ne su janye. Sai da na je sau biyu ya yarda.”

Na dube ta. Ban sani ba ko gaskiya ce, ko rufa masa take yi. Tare suka yi makoki, kuma jirgin ƙanenta kayansa yake ɗauka.

Ta ce, “Baba, mu ba mu karatu. Hatimi da takardar meri na Nafisa ne. Zumunci kuwa kowa na faɗinsa, wanda ya cuce ni bara ma da shi ya fara. Abu guda muka taɓa ba kuɗinmu muka yi barci. In na ce wa matar Tunuga ta kawo kuɗi asusun ƙawata, ta san irin riƙon da ake nufi, kuma mai makulli ma ya san wa zai ci wa amana. Kunyarta za ta tsare akwatin fiye da ƙarfen Alassan.”

Na ce, “Kunyar Ado ba ta tsare ba.”

Ta ce, “Asusun Ado mutum nawa ke riƙe da makulli?”

Na ce guda.

Ta ci gaba da feɗe kifinta.

Na daɗe zaune. Sannan na ce ina da sharaɗi. Safiyanu ba makulli, ba muƙami, ba rance a shekarar farko. Na biyu, a rubuta cikin dokokin asusu cewa ran da aka buɗe aka ga ya yi giɓi, ko na dala, a ranar za a kankare sunan daga akwati a fasa hatimin, kafin kowa ya fita rumfar. Na uku, makulli guda a hannuna.

Ta ce na farko da na biyu sai an kai gaban jama'a an jefa tsakuwa, ba ita ke yanke wa ba. Na ukun kuwa ta yi dariya. Ta ce, “Mai makulli sai ɗan asusu. Sai ka zuba duk mako, ko ka sayar da sandar nan. Kuma ba fashi, in ba ka zo ba akwati ba ya buɗuwa. Duk Talata kana zaune za a kira sunan a kunnenka. Ka iya?”

Na ce wannan matsalata ce.

Ta ba ni kifi. Na karɓa.

Litinin, da la'asar

Nafisa ta zo gida. Ta ce sa'a aka yi takardar ba ta kai meri ba, da sai an sake zama an sake biya. Ta ce an duba, ba wata ƙungiya mai sunan. Ta karanta mini sharuɗɗan daga takardarta. Na ce ta sake. Na aika aka kira liman, shi ya yi boko kaɗan, ya karanta shi ma ba ta wurin. Iri ɗaya ne. Ta ji haushi, na gani. Ta ji.

Ta ce dokar kankare suna ba ta taɓa jin irinta ba a duk inda ta koyar. Na ce yanzu ta ji.

An gaya wa Safiyanu. An ce ya ce, “Duk abin da Baba ya ce.” Ko gardama bai yi ba. Mai gaskiya da an hana shi rance a gaban jama'a ai sai ya ji ciwo. Ko kuwa mai gaskiyar ne ba zai damu ba? Na juya ta duk fuska biyu, kowace ta zauna.

Shekara guda ce dai. Zai iya jira. Ni ma zan iya.

Talata, da safe

Balki ta wanke mini farar riga ba tare da na ce ba. Ta ba ni kuɗin zubi daga na ƙuliƙuli, ta ce rance ne, kuma ita ba ta da akwati mai kwaɗo, tana da baki.

Talata, bayan magariba

Tabarmi ba su isa ba, wasu a kan kwanduna suka zauna. Masu kifi sun zo, masu nono sun zo, har mata biyu daga Tunuga da laka a ƙafa. Wadda ta ce nata ya yi sauƙi a hannu ita ma ta zo, ta zauna can baya. Na gan ta. Ta san na gan ta.

Na miƙe na ba da labarin Ado, duka, har sunan wanda ya gudu na faɗa, don a san akwai mai tunawa. Na ce dalilina ke nan, ba wani ba, kuma duk mai wata magana kan tukunyar ɗiyata ga ni ga liman ga Mariama, ya faɗa yanzu. Aka yi tsit. Na jira har shirun ya yi nauyi, sannan na zauna.

Aka jefa tsakuwa kan sharuɗɗan, suka wuce. Aka jefa kan suna. Nafisa ta ɗaga zane, ƙwarya guda ta cika, sauran ba komai sai guda biyu a ta Zumunci. Ban san na wa ba ne. Tawa tana aljihuna, ban jefa ko'ina ba.

Alassan ya kawo akwatin da sabon fenti, bai gama bushewa ba. Wato ya zana tun kafin a jefa tsakuwa. Na dube shi, ya dubi sama. Za mu yi wannan maganar.

Aka ba ni makulli. Ƙarami ne, na ɗaure a igiyar wando. Na biyu wurin mai nono, na uku wurin wani mai shago. Safiyanu na tsaye a bakin rumfa, hannu a baya. Bai zauna ba, bai tafi ba.

Sai Nafisa ta ce shugaba ta buɗe zama. Ba a shirya abin da za a amsa ba, an manta. Mariama ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta kira sunan. Ba ta ce asusu ba, sunan kawai ta kira, da irin muryar da take kiranta da ita daga wancan ƙarshen layin kifi.

Rumfar duka ta ce, “Na'am.”

Balki ta ja mayafi ta rufe fuska.  Aka ce masu makulli su matso. Hannuna bai sami ramin kwaɗon ba sai da mai nono ta riƙe mini shi.